Baitin Randa

Ni ce 'yar fari a gidanmu, shi ya sa ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. Ita 'yar Gehuru ce, da jinin Fulani ta wajen uwa, kunyar ɗan fari kuwa ta riƙe ta da hannu biyu. Idan tana son in ɗauko mata abu sai ta dubi bango ta ce a ce wa waccan ta kawo. Ƙanwata, wadda na ba shekara huɗu, ita ake kira da suna, ita ake tsefe wa kai a kan cinya. Na san al'ada ce, kowa ma ya sani, amma sani bai taɓa hana ni jin zafin abin ba.

Wuri ɗaya ne kawai Inna take yi mini magana, shi ne cikin waƙar aikin Asabar.

Gidanmu a Jega ba babba ba ne, ɗaki uku da rumfa da tsakar gida ta ƙasa, amma Inna takan tayar da shi ranar Asabar kamar za a kawo amarya. Babu makarantar boko, Islamiyya kuma sai bayan azahar, saboda haka muna gama karin kumallo za ta ɗaure zane a ƙugu. Ita ke bayarwa, mu biyu muna amshi. Kowane aiki da waƙarsa, kuma ba a tsallake tsari. Ana farawa da sama: a ɗaura tsintsiya a bakin gora a kwashe yanar gizo, da waƙa mai jan numfashi, don wanda ya ɗaga kai yana kallon rufi ba ya iya waƙa da sauri. Sai kakkaɓar tabarmi da katifu, wannan kam sandar ce gangar. Daga nan a yayyafa ruwa a tsakar gida, a jira ƙasa ta sha, a shiga shara. Waƙar shara amshinta gajere ne, kalma uku, daidai jan tsintsiya uku. Inna takan ja baitinta dogo da gangan, mu kuma a cikin wannan ɗan tsakanin muke miƙe baya mu buga gindin tsintsiya a tafin hannu. Sai da na girma na gane hutun da take ba mu ke nan.

Waƙar ba ta da ƙarshe sai aiki ya ƙare. In tukwane sun yi yawa ta ƙara baiti, in ta ga muna jan ƙafa ta sako habaici. Wanda ya bar shara a bayan ƙofa zai ji kansa a waƙa kafin ya miƙe, maƙwabta ma su ji ta katanga.

Aikin ƙarshe shi ne wanke randuna. Akwai wata tsohuwar randa a kusurwar rumfa, wadda aka kawo Inna da ita, bakinta ya ɗan ɓalle. Ni ke wanke ta. In na kwashe ragowar ruwan na zura hannu har kafaɗa ina dirzar cikin da soso, sai Inna ta sauke murya ta fara, “Randata ta fari, ke kika san ƙishina.” Abin da ke biyo baya kuwa kowane mako daban. Makon da na yi zazzaɓi, randa ta rame, a lallaɓa ta. Da na ci jarrabawa, ruwan randa ya fi na kowa sanyi a unguwa. Ranar da na yi wa Baba rashin kunya, randa ta fara yoyo, ta kiyayi kanta. Ba ta taɓa dubana ba tana yi, ni ma kaina yana cikin randar, ina amshi muryata na dawo mini. Babu wanda ya taɓa cewa da ni ake. Da baitin nan ɗaya nake cin mako guda.

Sai na tafi karatu Aliero. A ɗakinmu akwai wata Kirista da aka yi wa babanta canjin aiki zuwa jiharmu, ita ta nuna mini wani salon. Da safiyar Asabar takan kunna waƙoƙin cocinsu a ƙaramar sifika, ta ɗauki tsumma, kafin ka ce kwabo duk mun tashi muna goge-goge muna rausaya. Ta iya abin ƙwarai. Takan ce kada a fara da mai zafi, jiki bai farka ba, mai zafi sai an zo wanki, kuma a bar mai sanyi ta ƙarshe don ninke kaya. Na ga ai tsarin Inna ne, sai dai nan ba mai wahalar da maƙogwaro.

Hutun farko na sayi tawa sifikar, na je wurin masu tura waƙoƙi a kasuwar Jega aka cika mini memori. Na zauna na sa wa kowace waƙa lamba a gaban sunanta don kada na'urar ta hargitsa mini jeri: biyu masu taushi na yanar gizo, huɗu masu kiɗa na shara da wanke-wanke, sauran na wanki. Na kai ta caji tun Juma'a. Ina jin kaina kamar wadda ta kawo wa gida wutar lantarki.

Ba zan yi ƙarya in ce abin bai yi aiki ba, kuma wannan ne ya fi ci mini rai. Ya yi. Ƙanwata tana shara tana juyi, aikin da kan kai mu kusan azahar muka gama shi da hantsi. Mun dai tayar da ƙura, don kiɗan bai jira ƙasa ta sha ruwa ba, bayanmu kuma ya ƙage saboda babu inda waƙar ta tsaya mu miƙe. Inna ta fara bayarwa sau ɗaya, a farkon shara. Ba wanda ya amsa, mu duka bakinmu na bin sifika. Ta bar waƙar ta ci gaba da aikinta. Da na zo kan randa na zura hannu, waƙa ta tara ce ke tashi, wani yana kukan masoyiyarsa. Na lura babu baitin. Na ce a raina mako mai zuwa. Akwai ma wani ɓangare na zuciyata, in faɗi gaskiya, da ya ce ai gara, in tana da magana ta dube ni ta faɗa kamar kowace uwa. Shekarata ashirin, kaina cike da iska.

Da zan koma na bar wa ƙanwata sifikar. Asabar ta bi Asabar, ta saba, Inna ma ta saba. In na zo hutu sai in tarar an canza waƙoƙin memorin, jerin dai yana nan yadda na kafa shi. Na gama karatu, aka ɗaura mini aure, na tare a Maiyama ina koyarwa. Shekara bakwai ban ji randa ta rame ko ta yi sanyi ba.

Abin bai dame ni sosai ba sai da na yi ɓari. Ina kwance a ɗakina, ƙanwata ta zo da fura da saƙon Inna cewa ana gaishe da mutanen gidan. Iyakar saƙon ke nan, kuma na san iyakar abin da za ta iya aikowa ke nan. Na juya fuska bango na yi kuka, ba kukan cikin kaɗai ba. So nake in ji me za a ce wa randa.

Da na warware na zaɓi wata Asabar na hau mota da sassafe. Na tarar Inna ta faɗa, tari ya sa ta gaba, amma tana tsaye da zanenta a ƙugu. Ƙanwata ta ɗauko sifika na ce ta mayar. Da a nan na tsaya, da na ɗauki gora kawai na fara gunguni da amshi, wataƙila da ta kama. Amma ni mai ilimi ce, na zo da shiri. Na fito da waya na danna ɗaukar murya, na ajiye ta a kan turmi, na je gabanta na durƙusa.

Na ce, “Inna, waƙar randa nika so ki yi min. Wadda kika yi min da.”

Na ga fuskarta ta canza. Ƙanwata ta sunkuyar da kai. A take na gane abin da na yi. Shekara da shekaru waƙar tana tafiya ne don ba a taɓa cewa tawa ce ba, randa ake yi wa, ni ina wanki kawai. Yanzu na faɗa da bakina, a gaban ƙanwata, ga waya tana saurare. In ta buɗe baki, 'yar farinta take yi wa waƙa ido da ido. Na rufe mata ƙofar da hannuna.

Ban san yadda zan janye maganar ba, sai na ɗauki tsintsiya. Na yayyafa ruwa, na jira, na fara shara ina amshi ni kaɗai, kalma uku, ja uku, in miƙe in bar mata gurbin baitinta. Gurbin ya yi ta wucewa babu kowa a ciki. Na share tsakar gidan tun daga rumfa har zaure. Inna tana zaune a kan kujerar tsugunno tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba. Can ta yi tari, ta kira ƙanwata da suna.

Ta ce, “Ce ma waccan ta aje tsintsiyag ga. Ba ta daɗe da tashi ba, kak ta jawo ma kanta ciwon baya.”

Na ajiye. Ban kai ga randar ba. Na ce zan dawo wata Asabar ba tare da waya ba, in yi kamar ban taɓa cewa komai ba. Jarrabawar ɗalibai ta shigo, damina ta shigo, na yi ta ɗagawa. Inna ta rasu kafin a cire gero.

Sai bayan sadakar arba'in na tuna ban kashe ɗaukar ba a ranar sai da na ajiye tsintsiya. Minti goma sha ɗaya ne. Akwai ƙarar tsintsiya, da muryata tana amsa waƙar da ba a bayar ba, da zakaran maƙwabta, da tarinta sau biyu. A kusa da ƙarshe akwai maganar nan. Ban da ita ba ni da muryar Inna a ko'ina, kuma ko a nan ɗin da ƙanwata take magana.

Ina da ɗiya yanzu, ita ce ta fari, ina kiranta da sunanta har mutane na cewa ba ni da kunya. Ranar Asabar mukan yi aiki da sifika kamar kowa a layinmu, ba ni da muryar bayarwa, baitocin ma rabi sun ɓace mini. Amma in ɗiyar ta fita zubar da shara nakan kashe sifikar, in ɗauko waya in matsar da ɗaukar zuwa minti na goma. In ji an ce a ce wa waccan ta ajiye tsintsiya. Sai in ajiye, in zauna a bakin ƙofa har ta dawo.