Kwanon Ɗakin Yaya

Shekarar da yayata ta tafi jinyar 'yarta a Kudu, ni ta bar wa kuɗin kwano. Ta gina ɗaki biyu a Tirwun bayan rasuwar mijinta, saura rufi. Ta same ni a shagona na ɗinki a Wunti, ta ajiye ƙullin leda a kan keke.

"Na tambayo, ya isa ɗaki biyun har da kuɗin kafinta. Amana ce, auta. Ko ƙullin kar ka kwance."

Ni mutum ne mai tsoron amana. Na sa ledar cikin gwangwanin madara, na zuba maganin gara, na tura ƙasan akwatin yadi. Duk Juma'a in an sauko masallaci sai na duba. Ƙullin yana nan yadda ta ɗaure shi.

Jinya ta yi tsawo. Wata rana na bi ta shagon mai kayan gini, abokin wasana ne, na tambayi kuɗin bandir ɗin kwano don dai hankalina ya kwanta. Da ya faɗa sai na ji ya hau ba kaɗan ba. Na koma na ɗauko gwangwanin. Ba a taɓa shi ba. Amma kamar fallen kwano uku ko huɗu sun fita daga ciki.

Daga nan na kasa daina tambaya. Kowace tambaya, wani yanki na rufin ya tafi. Na fara jinjina ledar a hannu ko zan ji ta rage nauyi. Na yi mata tofi. Har kunne na taɓa karawa a jikin gwangwanin da tsakar rana, ina jin kunyar kaina. Shiru. Abin da ke ci a ciki ba ya ƙara, ba ya barin gari kamar gara.

"Tela, kai aljani kake nema?" in ji mai kayan gini yana dariya, ranar da na ba shi labari. "Takardar tana nan, ƙarfinta ne ke zuba. Kaya na hawa, ita tana zaune. Ni ka ga cinikin yau? Kafin jibi ya koma siminti. In na bari ya daɗe, ba zai mayar mini da abin da na sayar ba."

"In kai banki fa?"

"Banki zai tsare maka ɓarawo da gobara. Ɗan abin da suke ɗorawa, in ma kana karɓa, in bai kamo hawan kaya ba, asara ce da hula. Dubi masu abin: wannan fili, wannan gwal a kunnen matarsa, Bafulatani ɗan maraƙi, 'yan boko na Yelwa hannun jari. Kowanne da ciwonsa. Saniya na mutuwa, fili na da rigima, gwal ma yakan sauka. Amma kai da ka san kwano za a saya, me kake jira? Kwano ba ya cin abinci."

Na kira Yaya a waya. Na yi bayani har katina ya kusa ƙarewa.

"Kuɗi tumatir ne da za su ruɓe? Masu shago kenan, so suke su karɓe. In na dawo ya sauko."

"Yaya, ba ya saukowa."

"Na ce kar ka kwance."

Na je wurin limaminmu. Ya ce mai abu ta hana, ba ni da ikon juya mata dukiya, sai dai in ci gaba da faɗa mata gaskiya. Na ci gaba, har ta fara ƙin ɗauka.

Ranar da ta dawo ta kwance ledar a gabana, ta ƙirga, ta sa mini albarka. Muka hau keke napep zuwa shagon kayan ginin. Da aka faɗi farashi ba ta yi ciniki ba. Ta daɗe tana kallon kuɗin, tana juya takarda ɗaya gaba da baya kamar mai neman tabon haƙori.

"To wa ya ɗauka?" ta ce a hankali.



Ɗaki ɗaya aka rufe. A nan take zaune yanzu. Tana soya ƙosai, kuma duk sanda ta tara abin falle ɗaya, ranar take saye, ta tura ƙarƙashin gado. In na je gaishe ta na zauna a bakin gadon, sai kwanon ya yi wani nishi daga ƙasa. Ɗaya ɗakin yana nan a buɗe, tafasa ta fito a tsakiyarsa har gwiwa. Ba ma shiga.