Sunan Shagon Sau Ɗari Shida

A unguwar ana kiranta Matar Mai Hoto, ko da yake mai hoton ya rasu. Shagonsu ɗaki ɗaya ne da labule ya raba biyu. A gaba akwai kujerar zama da farin ƙyalle a bango, a baya kuma tebur da kwamfuta. Marigayin ne yake gaba, yana ce wa kowa "ɗago kai" har maganar ta zama sunan shagon. Ita kuwa a baya ta yi rayuwarta, tana zuba hotuna a kwamfuta, tana gyara haske, tana jera su tana ba su suna. Mutane ba su san aikinta ba, ita ma ba ta taɓa damuwa su sani ba.

Babban aikin shagon shi ne hotunan katin shaidar wata makaranta, yara ɗari shida duk shekara. Ana jero yaran kamar yadda sunayensu suke a rajista, a ɗauki kowa sau ɗaya. Babu abin da ya haɗa fuska da suna sai wannan jeri. Hoto na farko na yaro na farko ne, haka har ƙarshe, mai buga kati kuma haka yake ɗora su.

Da aka raba gado, Auta, ƙanin marigayin, ya ɗauki babbar kyamarar. Wannan bai dame ta ba. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne ranar da ta je makarantar don ta ce za ta ci gaba da aikin, ta tarar ya riga ta. A gaban shugabar makarantar ya yi 'yar dariya ya ce, "Ai Matar Yaya shara da goge gilashi ne nata. Shagon nan tare da mai shi aka binne shi."

Ta juya ta fita. Ta dawo ta zauna bayan labule, ta yi kukanta ta gama, sannan ta tuna wani abu da ya sanyaya mata zuciya. Kyamarar nan tana ba hoto suna da lamba huɗu, idan ta kai 9999 sai ta koma 0001. Ita ce ta zuba hotunan ƙarshe da marigayin ya ɗauka, kuma ta san lambar ta kusa cika. Da a ce Auta ya fita kunyarta, da kalma ɗaya ta ishe ta ta gargaɗe shi. Sai ta ja bakinta ta yi shiru. Duk safiya tana goge gilashin ƙofar nan sosai, tana jira.

Ranar da Auta ya zo, da tsakar rana ne, gumi har cikin kunne, da filashi, ɗan abin ajiye hotuna na kwamfuta, a hannu.

"Matar Yaya, barka da aiki."

"Wane aiki, Auta? Shara ce kawai."

Ya haɗiye maganar ya zauna a kujerar masu hoto. Ya ce ya zuba hotunan duka wuri ɗaya, ya zaɓe su gaba ɗaya ya canza musu suna, kwamfuta ta ba su lamba. An buga katin gwaji, sai ga fuskar wata yarinya 'yar aji shida a kan sunan wani ɗan aji ɗaya. Ba ko ɗaya da ya dace. Ya riga ya goge katin ajiya na cikin kyamarar ya ɗauki wani biki a kai, shugabar kuma ta ce idan ba a gyara ba kafin a tashi aiki, za ta nemi wani.

"To ka sake jero yaran mana," in ji ta.

"Sun tafi hutu."

Ta sani sarai. Daɗi ya ratsa ta har tafin ƙafa, kuma ba ta ji kunyar daɗin ba. Ta san abin da ya faru tun kafin ta duba. Kyamarar ta juya a tsakiyar aiki, hotunan da aka ɗauka daga baya suka samu ƙananan lambobi. Da kwamfuta ta jera su bisa suna, sai na ƙarshe suka dawo gaba, shi kuma ya goge tsofaffin sunayen a haka.

Ta miƙa hannu ya ba ta filashin. Ya tashi zai bi ta bayan labule, ta tsaya.

"Zauna a nan. Can wurin masu shara ne."

Aikin bai ɗauke ta lokacin tafasa ruwa ba. Ta fara kwafe hotunan zuwa wani wuri, don ba ta taɓa aiki a kan na asali. Canza suna ba ya taɓa lokacin da kyamara ta rubuta a cikin kowane hoto, rana da sa'a har da daƙiƙa. Ta buɗe manhajar da take canza sunaye da ita, ta ce a jera su bisa lokacin ɗauka. Nan take ƙananan yara masu wawulo suka hau sama, manyan suka koma ƙasa. Ta sa lambar ta zama mai gurbi uku, 001, 002, domin manhajar mai buga kati harafi-harafi take bi, idan babu sifili a gaba sai ta sa 10 da 100 kafin 2. Saura kalmar da za ta zo kafin lambar. Ta daɗe tana kallon gurbin, sannan ta rubuta. Ta duba samfurin sunayen, ta ga sun cika ɗari shida, ta danna, ta kwafe su a filashin.

Ba ta kira shi nan da nan ba. Ta bar shi yana ta gyara zama a kujera, sai da ta shanye ruwanta a hankali.

"Shigo."

Ya leƙa allon, ya ga yaron farko a farko, ya sauke ajiyar zuciya. Sannan idonsa ya sauka kan sunayen. Dagokai_001, Dagokai_002, haka suka gangara har ƙasa.

"Matar Yaya, ai ni na ɗauki hotunan nan."

"Na sani. Ni ma shekara da shekaru ni nake jerawa, ban taɓa ganin sunana a kai ba."

"Shugabar za ta gani fa."

"Don ta gani na rubuta." Ta tura masa linzamin kwamfutar. "Ga shi, canza. Ai ka iya."

Ya kalli linzamin kamar garwashi. Ya kai hannu, ya janye. Bai ga abin da ta yi ba, kuma ya san idan ya sake rikita su, ba za ta gyara sau biyu ba. Ya zare filashin ya fita, ko sallama bai yi ba. Ta bi bayansa ta goge shatin yatsunsa daga gilashin ƙofa.

Da aka dawo hutu wayarta ta yi ƙara. Shugabar makarantar ce. Ta ce ta ga sunan shagon a kan hotunan, ashe ba a rufe ba? Akwai hotunan malamai da na sababbin ɗalibai, ko za ta karɓa?

"Zan karɓa, ranki ya daɗe."

"Amma na ji kyamarar ba ta hannunki."

"Tana wurin ƙanin mijina. Shi zan aiko ya ɗauka, hannunsa ba laifi. In ya gama ya kawo mini, kada ya taɓa komai."

Ta kashe wayar ta kira Auta, ta gaya masa rana, ta ce ya je da wuri. Ya ce, "To, Matar Yaya."

"In ka dawo ka tsaya a gaban labule," in ji ta. "Zan miƙo hannu."