Dubu Sha Biyun da Na Ceto wa Yaya

Ni dai tun ina ƙarami bakina ya fi ni sauri. Inna ta sha cewa da a ce da harshe ake noma, da ni kaɗai zan ci da gari. Na girma, na zama malamin lissafi a wata sakandare a Gummi, sai abin ya ƙaru, don yanzu ga baki ga alƙalami. Yayana kuwa bai yi boko ba. Ya zauna ƙauyenmu can bayan Adabka, yana noman dawa, shi kuma ke jan salla a masallacin unguwa tun rasuwar mahaifinmu. Ba albashi ake ba shi ba, amma wannan tsayuwa gaban sahu ita ce duk abin da yake taƙama da shi a duniya.

Wata Juma'a ya zo mini da takardu biyu cikin leda. Injin niƙa yake son saye, don matan ƙauyen sun gaji da bin babur zuwa Adabka da buhun hatsi. Injin da kafa shi naira dubu ɗari shida ne. Takarda ta farko daga bankin da ba ya mu'amala da ruwa take. Murabaha suke kiran tsarin: su sayi injin da kuɗinsu ya zama nasu, sannan su sayar masa da ribar da aka faɗa a fili, ashirin cikin ɗari. Zai biya dubu ɗari bakwai da ashirin, dubu sittin kowane wata har shekara. Ta biyu ta wani ƙaramin banki ce, rance tsagwaro, ruwa talatin cikin ɗari a shekara.

"Ni na riga na zaɓa," in ji shi. "Ashirin ta fi talatin sauƙi, ga ta kuma halal. Duba mani dai ka ga ba a ɓoye komi ba."

Da na duba na ce masa babu abin da aka ɓoye, da shi ke nan. Ina! Sai na jawo takarda da biro. Na nuna masa cewa ashirin ɗin nan a kan dukan dubu ɗari shidan aka ɗora ta, ko da yake kowane wata bashin raguwa yake. Talatin ɗin kuwa a kan abin da ya saura kawai ake lissafa ta, tana sauka yadda bashin ke sauka. Na tara ruwan wata goma sha biyu ya ba ni dubu ɗari da biyu, na ƙara dubu shida na kuɗin hidima, ya zama ɗari da takwas. A murabahar kuwa ɗari da ashirin cur. In aka auna ribar murabahar da mudun da ake auna ruwa, ta kai talatin da biyar.

"Ka gani? Dubu sha biyu za ka ba su kyauta saboda sun sa wa abin sunan Larabci."

Ya daɗe yana kallon takardar da ba ya iya karantawa. Ya ce, "Wanga ciniki ne, wancan kuɗi ne ke haihuwar kuɗi. Da wace fuska zan tsaya gaban jama'a?"

Na yi masa dariya, Allah Ya yafe mini. Na ce lalura ce, wa zai sani, ni ne zan tsaya masa. Na bi shi da magana har tasha, na sake bin sa ƙauye mako na gaba. Yaya mutum ne mai kunyar ilmin da ba shi da shi. A ƙarshe ya ce, "To, kai ka yi karatu," ya dangwala yatsa a takardar rancen.

Lissafina daidai ne, ko yau aka ba ni zan sake samun dubu sha biyun nan. Abin da ban duba ba shi ne sharaɗin da ke ƙasan kowace takarda, na ranar da mutum ya kasa biya. Ni da nake dukan tebur ina ce wa ɗalibai su karanta tambaya har ƙarshe.

Wata uku injin ya yi yana aiki, Yaya na biya kan kari. Daga nan 'yan bindiga suka shigo yankin, ƙauye ya watse. Aka kwaso Inna da yaran Yaya a babura zuwa gidana, injin ya zauna cikin rumfarsa ba mai tayar da shi. Wata takwas ba a niƙa ko tiya ɗaya ba. Bashin kuwa bai yi gudun hijira ba. Ruwa na hawa kan abin da ya saura, kusan dubu sha biyu kowane wata, ban da tarar jinkiri. Duk abin da na yi ta fankamar na ceto masa, wata ɗaya ya lashe.

Akwai wani maƙwabcinmu da ya karɓi injin ban-ruwa ta murabaha a lokaci guda. Shi ma bai sha da daɗi ba, don an sace injin, kuma bashin na wuyansa tunda ya riga ya zama kayansa. Amma da ya je ya yi bayani aka ƙara masa lokaci, farashin da aka yi ciniki a kai bai ƙaru da ko kwabo ba. Ranar da ya faɗa mini haka na kasa cin tuwo.

Da aka ɗan samu lafawa mutane suka koma, Yaya ya koma jan sallarsa. Na riƙa cirewa daga albashina ina rage bashin, amma na makara da wata biyu, sai bankin ya aika masa takarda. Ɗan kabu-kabu ya kai ta ƙofar masallaci bayan La'asar. Takardar Turanci ce, a ƙauye kuma ba a ɓoye takarda, duk mai boko da ke kusa shi ake miƙa wa. Yaya ya miƙa wa wani malamin asibiti da ke wurin, shi kuma ya fassara da ƙarfi yadda aka saba, uwar kuɗi kaza, ruwa kaza, tara kaza. Sai da ya kai tsakiya ya gane abin da yake karantawa, ya tsaya. Kowa ya nemi takalmansa.

Na sayar da babur ɗina da ragon da na ajiye don layya, na rufe bashin kaf. Na hau motar kasuwa da takardar shaidar biya a aljihu, ina jin kamar na wanke laifina. Na same shi a rumfar injin, fari fat da gari, ya rame. Ya karɓa da hannu biyu, ya ce Allah Ya saka da alheri. Bai taɓa ce mini ni na ja masa ba, ko sau ɗaya. Wallahi da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Aka kira Azahar muka tafi tare. Da aka tayar da iƙama jama'a suka buɗe masa hanya, don har ranar ba wanda ya ce ya sauka. Dattawa sun ce ya tuba, Allah Mai gafara ne, ya wuce gaba abinsa. Amma tun ranar takardar bai sake wucewa ba. Ya taɓa kafaɗar wani dattijo ya nuna masa gaba, ya dawo sahu na biyu ya tsaya kusa da ni.

Na raɗa masa, "Yaya, an fa biya. Ba sauran ko sisi."

Ya gyara ƙafarsa ta haɗu da tawa, ya ce, "Na sani, ƙanena. Daidaita sahu."