Huɗu da Takwas Ba Sha Biyu Ba Ne

Sun kashe mini mikoro ina tsakar magana, gaban matasan Dogarawa kaf, amma taubashiyata ba ta ba da wayarta ba. Wanga kaɗai ya ishe ni rawa, ko da yake har yanzu in na tuna raina ɓaci yake.

A bakansin bara ne, lokacin babban hutun makaranta. Na dawo gida daga makarantar lise ta Konni, sai parazidan na ƙungiyar matasan unguwarmu ya aiko kirana. Ya ce za a yi taro kan wayar salula, tunda ni ne sarkin latse-latse in zo in yi jawabi. Na ji daɗi ƙwarai, har riga na goge. Abin da bai gaya mini ba shi ne, rumfa da kujeru da bafal, wato lasifika, duk wani mai shagon waya daga Konni ya kawo su, kuma shina zuwa da hajarshi.

Ina isowa na ga ƙyalle an ɗaure shi tsakanin itatuwan bedi biyu: hoton waya mai walƙiya, da manyan baƙaƙe, RAM 12 Go. Ƙarƙashi an aza tebur cike da kwalaye. Wai promo: ka kawo tsohuwarka, ka ɗan cika, ka tahi da sabuwa.

Taubashiyata, ɗiyar kawuna, tana layin gaba. Turaren wuta da hijabai take saidawa a istatus na wasap, wayar nan ita ce shagonta duka. Yayanta ya aiko mata ita daga ci rani. Gilashin ya tsage a kusurwa, bayanta ya koɗe, amma na san cikinta don ni na shirya mata ita: RAM jiga shida na gaske, ekaran, fuskar wayar, mai kaihi, da porosesa, ƙwaƙwalwarta, da ba ta nishi. Na iske har ta zare pis ɗinta, wato sim, da tsinken hijabi ta ƙulle a bakin gyale, jira kawai take a buɗe tebur. Na ce mata ta dakata in gama magana. Cikin wasan taubasai ta ce ni bawanta ban isa in hana uwargijiyata shiga yayi ba, baƙin ciki nake don tawa ta tsufa.

Parazidan ya ja ni gehe ya ce in taɓo batun caji da tsabtar waya, in yaba ma baƙo, in sauka. Nan jinina ya fara tafasa. Wato an kira ni in zama ɗan talla da rigar lakwal, ta 'yan makaranta.

Da anka ba ni mikoro na fara da mai sauƙi. Na tambaya wa ya san bambancin 4G da 4 Go. Wani gaye daga baya ya ce duk jiga huɗu ne. Anka yi dariya, amma rabin masu dariyar su ma haka sunka ɗauka. Na ce 4G rezo ne, hanyar da intanet ke biyowa. Go kuwa, wanda kwalin Najeriya ke rubutawa GB, awon wuri ne cikin waya, kuma wurin iri biyu ne. Akwai rumbu, inda hotuna da bidiyo ke kwana. Akwai tabarmar shanya, ita ce RAM, inda waya ke baza abin da take aiki da shi yanzu-yanzu. Tabarma in ta yi ƙaranci, kana barin wasap ka leƙa kamara, ka dawo ka iske ta naɗe komai sai ta sake bazawa.

Har nan mai shago shina gyaɗa kai, don a zatonshi hanya nake share mishi zuwa ga sha biyun.

Parazidan na zaune da irin wayar a hannu, sabuwa dal, ko ledar ekaran bai ɓare ba. Kowa ya san daga tebur ta fito. Na ce, "Babban yaya, ara mini jirgin nan naka in nuna ma jama'a." Ya miƙo da yanga. Kafin shi gyara zama na shiga parametir, wurin saitin waya, na gangara inda waya ke faɗin bayanin kanta, na ɗaga sama na karanta da ƙarfi: RAM, 4 Go + 8 Go.

Na ce huɗun ita ce tabarmar gaskiya. Takwas ɗin aro ne daga rumbu, an yanki wuri an sa mishi sunan RAM, kuma rumbu bai da saurin tabarma ko kusa. Tana ɗan taimakawa, ban hana ba, amma akwai maɓallin kashe ta ma. Na nuna musu shi. Abin da ake kashewa da yatsa guda, shi anka tara da huɗu anka rubuta da baƙaƙe masu girman kaina.

Mai shago ya miƙe. Ya ce shi bai yi ma kowa ƙarya ba, a duba kwali. Ya ɗauko guda ya nuna, kuma da gaskiyarshi, akwai ɗan tauraro kusa da 12, can ƙasa kuma 4+8 da rubutu ƙanana kamar ƙwan ƙuda. Wanga ya ƙara tunzura ni. Na ce to me ya hana tauraron hawa ƙyalle? Na juya bayan wayar, idon kamara uku reras. Na ce kowa shi zo shi toshe su ɗaya bayan ɗaya da yatsa, kamara na buɗe, shi ga guda nawa ke ɗaukar hoton da yake gani. Ina cikin faɗin haka bafal ta yi ɗif.

Parazidan ne da kanshi ya zare igiyar mikoro daga bafal. Ya ce na ci mutuncin baƙo, ɗan lakwal ba shi da kunya. Waɗanda ke zaune nan, wasu akuya sunka sayar, wasu damana guda sunka yi suna noman ƙwadago don su cika kuɗin waya, shi kuma damuwarshi rumfa. Na ci gaba da baki, anka fara hayaniya, wasu na cewa a bar shi shi ƙare, wasu na cewa yunwa suke ji a raba lemu.

Taubashiyata ta taso ta cusa mini tata a hannu. "Kai bawa, nuna mini inda ka shiga." Na ce ta shiga da kanta, ina faɗi tana latsawa. Ta ga 6 Go, ba ƙari ba tauraro. Ta dubi ƙyalle, ta dubi mai shago da ke miƙo mata kwali shina kiranta hajiya. Sai ta kwance bakin gyale, ta zaro tsinke, ta maida pis ɗinta. Ta ce mini kar in yi wani kumburi, dama kalar sabuwar ba ta yi mata ba.

Wasu sun yi musanyar duk da haka. Ina kallo. Wancan gayen na baya har selfi ya yi da kwali.

Washegari na buɗe wasap in tura sauran jawabin a gurup ɗin ƙungiya, na iske an cire ni. To ga sauran jawabin nan. mAh girman batir ne, W saurin caji ne, kar a haɗa muku su. Yawan megapiksel ba shi ne kyawun hoto ba, ɗauki hoto cikin ɗaki ka gani da idonka. In talla ta ce "octa-core" ba ta faɗi sunan porosesa ba, tambayi sunan. Rumbun da anka rubuta 128, sistem ya riga ya ci rabonshi. Kuma jabun waya na iya ƙarya har cikin parametir, don haka ka bincika lambar model a intanet kafin ka zare pis.

Ni dai an rufe mini gurup. Wanda ya karanta, don Allah shi tura ma na kusa da shi, musamman 'yan Dogarawa.