Mai Gadin da Aka Saukar

Sai-na-gani ake kiranta a layin shagunan, kuma ita ta jawo wa kanta sunan. Ko canji ka ba ta sai ta ɗaga takardar kuɗin ta duba ta a haske. Shagon buga takardu da kwafi take da shi, injin kwafin ya girmi babban ɗanta, a ƙuryar shagon kuma akwai tebur da kwamfuta, inda take cinikin hannun jari ta intanet tun shekarar da mijinta ya rasu.

Tsarinta ɗaya ne, ba ta canza shi. Takan ja layi biyu a kan zanen farashi: na sama a kan mafi tsadar da hannun jarin ya kai a 'yan makonnin baya, na ƙasa a kan mafi arha. Muddin farashi na kai-komo tsakaninsu, kallo ne nata. Ko ya tsallake layin sama ma ba ta rawar jiki, sai an rufe kasuwa yana can sama, sannan ta duba yawan cinikin ranar. In bai zarce na kullum sosai ba, sai ta taɓe baki ta ce 'yan tsiraru ne ke neman wanda za su rufta, gobe zai komo gida. In kuwa ciniki ya yi yawa, ta saya.

Tana saye take sa umarnin sayarwa a ƙasan farashi, da tazarar da ta yanke tun farko. Mai gadi take kiransa. Farashi ya hau, mai gadi ya bi shi sama. Farashi ya sauko, ya tsaya inda yake, in aka taɓa shi ya sayar ba shawara.

Mutum ɗaya ne a duniya ya tsira daga zarginta: ƙaninta, mai gyaran waya, wanda ta goya bayan rasuwar mahaifiyarsu. Shi kaɗai ya san kalmar sirrin asusun cinikin nata, don yakan leƙa mata in kwastomomi sun yi yawa.

Wata rana da hantsi ta buɗe kwamfuta ta ga abin da bai taɓa faruwa ba. Hannun jarin wani kamfanin siminti da ta saya, mai gadinsa ya koma ƙasa da inda ta bar shi. Ta zargi manhajar, ta zargi dillalin hannun jarin, ta zargi matar shagon ɗinki da ke yawan shigowa aron almakashi, har idonta ta zarga ta goge tabarau. Sai da ta buɗe tarihin umarni ta ga daga waya aka faɗaɗa tazarar, jiya da rana, daidai lokacin da farashi ke gangarowa.

Ba ta kai ga kiran ƙanin nata ba ya shigo da kansa, bakinsa har kunne. Ya ce ya ga farashi na dab da taɓa mai gadi, ya san girgiza ce kawai, sai ya ba shi wurin numfashi. Kuma ga shi nan: farashin ya nutse ƙasa da tsohon wurin, ya dawo, yau har ya wuce inda ya taɓa kaiwa. Da ya bari, da an fitar da ita a banza.

Gaskiya ya faɗa, kuma wannan ne ya fi ba ta tsoro. Da asara ya jawo, da ya ji jiki ya daina. Yanzu kuwa kasuwa ta shafa masa kai.

"Da farashin ya ci gaba da sauka fa," ta tambaye shi, "a ina za ka tsaya?"

"Ai bai ci gaba ba, Yaya."

"Na ce a ina?"

Ya sosa ƙeya, ya yi dariya, ya ce da ya ƙara saukar da shi kaɗan. Kaɗan ɗin nan ta san shi. Ta ga mutanen da ya raba da jarinsu kaf.

Ta mayar da tazarar yadda take. Sannan, yana tsaye a kanta, ta shiga wajen canza kalmar sirri, ta karkata allon kwamfutar gefe don kada ya ga yatsunta. A ranta kuwa tana son ƙanin nan fiye da duk abin da ke cikin asusun.

"Ni kike ɓoye wa hannu?" ya ce a hankali.

Ba ta ɗago ba. Ya laluba aljihu, ya ciro makullin shagon da ke wurinsa, ya ajiye kusa da kwamfutar, ya fita. Ta ji takunsa har ya kai bakin titi, sunansa na bakinta, amma ba ta kira shi ba.