Gashin da na aika Rufa'a

Ni dai ban taɓa rubuta wa mijina takarda ba, amma na rubuta wa mai gyaran gashi shafi biyu cur. Bikin ƙanena ya rage wata guda, kuma ranar rawar amarya, inda mata zalla ke taruwa, kowa sakin mayafi take yi ana kallon kan juna. Furfura kuwa ta kama ni tun ina da talatin, ba wanda ya sani sai madubina. Na gaji da baƙin rini, ina son kalar da za a ce "ya salam!"

Matar wana ke zuwa kasuwar Rufa'a, ita na ba takardar ta kai wa mai kawafer, wato shagon gyaran kai. Na rubuta: "'Yar'uwa, ina son ja mai duhu, kalar busasshen dabino. Ba jan zoɓon karkade ba, ni ba kwalbar sharbat ba ce. Ba kalar shayi da madara ba." Na naɗe dabino ɗaya da zaren tob ɗina, wato lafayata, a ciki don kada a yi gardama. Na ce kuɗina ba zai wuce na buhun gyaɗa ɗaya daga hawashar mijina, wato gonarsa, ba, ko da kuwa za ta mai da ni Balarabiyar Misira. Da na zo kan abin da na taɓa sa wa gashin, sai alƙalami ya yi ƙarya da kansa: "Man riɗi kawai."

Man riɗi! Shekara tara ina lafta lalle, ina bin sa da baƙin rini, ga man miƙar da gashi duk sallah.

Amsa ta dawo a bayan takardata. Mai kawafer ta ci dabinon, ta ce kalar za ta yiwu, amma in aiko da ɗan gashi ta gwada tukuna. Inna, mahaifiyata, na jin haka ta dafe ƙirji.

"Gashinki? A hannun baƙuwa? Ke ko tsefewa kika yi ba binne shi muke yi ba?"

Ni ba sammu nake tsoro ba, tonon asiri nake tsoro, amma na fake da maganar Inna. Na kira 'yata mai shekara goma sha biyar, na ce zo in duba miki kwarkwata, na datse ɗan tsagi daga ƙeyarta. Gashin da ko lalle bai taɓa gani ba. Bayan kwana uku ya dawo a ƙunshe, ja mai duhu, yana sheƙi. Har rawa na taka a tsakar gida.

Ranar da na je, mai kawafer ta kwance kitsona, ta murza gashin tsakanin yatsunta, ta dube ni ta madubi.

"Yaya, wannan ya fi wanda kika aiko kaushi."

"Ruwan tur'a ne," na ce, ina nufin magudanar ban-ruwan gonaki, "da shi muke wanka."

"Kin tabbata ba rini?"

Na rantse, Allah ya yafe mini. Ban ce mata kwana goma da suka wuce na sake baƙanta gindin gashin don kada ita ma ta ga farin ba.

Ta shafa jan rinin, muka jira, ta wanke. Baƙi ƙirin, kamar ba a taɓa shi ba. Ashe rini ba ya ɗaga rini. Ta ce mu tsaya nan, in koma gida da kaina lafiya. Ni kuwa zuciya ta ɗebe ni, na ce buhun gyaɗa na kawo, ba zan koma da kan da na zo da shi ba, ta sa maganin cire kala. Ta ce ba ta so. Na ce kaina ne ko nata?

Ba a jima ba fatar kaina ta ɗau zafi. Da ta wanke, wani wuri kalar lemu, wani kalar tsatsa, bakin gashin kuwa ya yi laushi kamar taliyar da ta wuce dahuwa, yana biyo mataji. Na fashe da kuka, kuka na gaske, da majina.

"Kan wa kika rubuto mini?" ta tambaya.

Na faɗa mata duka. Ba ta yi dariya ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ɗauko almakashi ta datse gashin, ta bar abin da bai fi gaɓar yatsa ba, ta ce kada komai ya taɓa kan nan sai fatar ta warke, ko lalle.

Ranar rawar amarya na ƙudundune a tob, gumi na tsiyaya, mata na ta sakin gashi. Inna ta matso, ta sa yatsa ta ɗaga gefen ɗankwalina, ta ga farin da ya tsiro fes a ƙarƙashin tsatsar. Na jira faɗa. Sai ta gyara mini ɗaurin a hankali.

"Yaushe kika tsufa ban sani ba?" ta ce.