Ruwa garai-garai

Daminar da kwalara ta shigo mana Makera, 'yata ta fari tana koyar da 'yan aji huɗu a wata firamare da ke bayan layinmu. Hedimasta ya ba ta wani bayani da ma'aikatan lafiya suka aiko, ya ce ta sauƙaƙa wa yara. Turanci ne a cunkushe, jimla ɗaya sai ta ci layi uku. Ta taƙaita shi da Hausa, ta ce cutar daga ruwa mai datti take, a riƙa shan mai tsabta. Yara suka kwafa.

Ba a jima ba wata yarinya 'yar ajinta ta kamu da cutar, ta rasu. Tagwaye ne, benci ɗaya suke zama da 'yar'uwarta, kuma har lokacin daga rijiyar gidansu ake sha.

Ran Asabar da hantsi na tarar da 'yata a tsakar gida, ta tasa takardar da ta rubuta wa yaran a gaba, ko koko ba ta sha ba.

"Inna, zo ki karanta mini. Inda kika yi tuntuɓe, nan yara za su faɗi."

Ni karatun yaƙi da jahilci na yi bayan na haifi uku, da yatsa nake bin layi. Na karanta a hankali, na ce ai babu tuntuɓe.

"To nuna mini ruwa mai tsabta."

Na nuna randarmu. Ruwan rijiya ne da na jefa wa alam, laka ta kwanta, ya yi garai-garai har kana ganin gindin randa. Na ƙara mata da abin da kowane ɗan Islamiyya ya haddace: ruwan da launinsa da ɗanɗanonsa da warinsa ba su canja ba, mai tsarki ne.

Ta girgiza kai. "Na alwala ke nan, Inna. Alam laka yake kwantarwa, ba ya kashe cuta. Ashe haka suka ji ni."

Muka sake daga farko. Ta rubuta "ƙwayoyin cuta", na ce yaro zai leƙa kofi yana neman abu kamar ƙwayar magani, in bai gani ba ya sha. Ta soke, ta sa "'yan halittun da ido ba ya gani".

"Aljanu ke nan," na ce.

Ta yi 'yar dariya, ta farko a makon. Ta ƙara cewa likita yana ganinsu da madubin asibiti.

Maƙwabciyarmu 'yar Filato, nas ce a wani asibiti a Barnawa, ta leƙo aron turmi, muka zaunar da ita. Ta karanta, ta buga cinya.

"Malama, ina kashi? Kin ɓoye shi saboda kunya? Daga kashin mai ciwo suke fitowa. Ruwan sama ya cika masai, ya tsiyaya cikin rijiya. Abeg, rubuta shi da sunansa."

Aka rubuta. Saura misali. 'Yata ta kawo misalin gishiri a ruwa, ta janye da kanta, don harshe yana gane gishiri. Tana ta juya biro sai idonta ya faɗa kan attaruhun da nake gyarawa. Wanda ya yanka attaruhu, hannunsa fes, amma ya kuskura ya sosa ido. Nas ta ce a tsaya nan, kada a ja misalin da nisa, tunda tafasa ba ta kashe yaji. Ga abin da ya rage a takardar:

"Hannun da ya taɓa attaruhu fes yake a ido, amma akwai yaji. Haka ruwa yakan yi garai-garai alhali akwai cuta a ciki. 'Yan halittu ne masu rai, daga kashin mai ciwo suke shiga rijiya. Alam ba ya kashe su. A tafasa ruwa har ya yi ta ɓararraka, a rufe shi, sannan a sha."

Ran Litinin ta karanta wa ajin. Ta ce mini 'yar tagwayen tana nan, gefenta babu kowa, ba ta ɗaga kai ba, ba ta kuma kwafa ba. Ba mu san ko ta ji ba.

Ran addu'ar bakwai na raka 'yata gidan su tagwayen. Muka zauna a tabarma cikin mata, muka yi gaisuwa. Uwar ta rame, muryarta da kyar take fita. Aka ajiye mana ruwa a kwanon sha, fari tas. Mayar da ruwa a gidan makoki ba ƙaramin abu ba ne. Na kama kwanon, na rasa yadda zan yi.

Sai 'yar tagwayen ta taso daga bakin ƙofa, ta karɓe shi daga hannuna.

"Ba a tafasa ba," ta ce.

Wata tsohuwa ta daka mata tsawa. "Ke, marar kunya! Ba ki ga baƙi ba ne? Ruwa kamar hawaye, me ya same shi?"

Yarinyar ba ta saki kwanon ba. Ta juya wajen uwarta. "Umma, shi muka sha ni da ita. Haka yake, garai-garai."

Uwar ta dubi 'yata, 'yata ta sunkuyar da kai. Can uwar ta dafa bango ta miƙe, ta ƙi a taya ta, ta je ta tsuguna gaban murhu tana hura gawayi.